Kafin ka kama hayar GPU, ɗauki alƙalami ka yi lissafi

Duk wanda ya taɓa zama ya horar da babban samfurin harshe a kwamfuta ya san jan rubutun nan da ke tsayar da aiki cak: `CUDA out of memory`. Abin da na'ura ke faɗa shi ne ma'adanar katin GPU ta cika, babu sauran inda za a ajiye ko da lamba ɗaya. Mutane da yawa idan suka gan shi sai su shiga lalube: a rage wannan, a kunna wancan, a sake gwadawa, alhali kuɗin hayar na'urar yana tafiya kowace sa'a. Ni kuwa a ganina wannan asara ce da ba ta zama dole ba, domin yawan wurin da horo zai ci abu ne da ake iya ƙiyasta shi da alƙalami da takarda tun kafin a kunna komai. Ninkawa ce da tarawa, irin ta ɗan firamare.

Bari mu ɗauki samfuri guda na gaske mu bi shi daki-daki. A shekarar 2019 kamfanin OpenAI ya fitar da GPT-2, kuma mafi girma a cikin danginsa yana da farameta kusan biliyan ɗaya da rabi. Farameta lambobi ne da ke cikin samfurin, su ne ake ta gyarawa kaɗan-kaɗan a lokacin horo har samfurin ya iya hasashen kalmar da za ta biyo baya. A ma'aunin yau wannan samfuri ƙarami ne. A ce wata ɗaliba tana son ta ci gaba da horar da shi a kan rubutun Hausa, ta kuma samu hayar katin A100 na kamfanin Nvidia mai gigabayit 40. Shin zai shiga?

Lissafin farko da ke zuwa wa mutum a rai yana da daɗin ji. Ana iya ajiye kowace farameta a bayit biyu, wato biliyan ɗaya da rabi sau biyu, gigabayit 3 ke nan. Uku a cikin arba'in, ai akwai fili. Wannan lissafi daidai ne idan tambayoyi kawai za a riƙa yi wa samfurin yana amsawa. Horo kuwa wani abu ne dabam.

Abin da kowace farameta ke jawowa

A kowane zagaye na horo ana ba samfurin rubutu, ya yi hasashe, a auna kuskurensa. Daga nan sai a lissafa wa kowace farameta wata lamba da ke nuna ta ina ya kamata a matsar da ita, da kuma yaya ƙarfin matsawar, domin kuskuren ya ragu. Wannan lamba ita ce giradiyan. Tunda kowace farameta tana da tata, ga wasu bayit biyu sun hau kan na farko.

Sai mai daidaitawa, wato tsarin da ke karɓar giradiyan ya yanke yadda za a taɓa farameta. Wanda aka fi amfani da shi a wannan fage shi ne Adam, wanda Diederik Kingma da Jimmy Ba suka gabatar a 2014. Adam ba ya dogara da giradiyan na wannan zagaye kaɗai. Yana riƙe wa kowace farameta tarihi iri biyu: matsakaicin inda giradiyan ɗinta ya saba fuskanta, da matsakaicin girmansa. Da waɗannan ne yake gane faramitar da za a taka a hankali da wadda za a tura da ƙarfi. Kowanne daga cikin biyun ana ajiye shi a bayit huɗu, takwas ke nan.

Akwai kuma ƙari na ƙarshe. Gyaran da ake yi wa farameta a zagaye ɗaya yakan yi ƙanƙanta ƙwarai, har idan aka tara shi a kan lamba mai bayit biyu sai ya ɓace, lambar ta zauna yadda take. Saboda haka ake ajiye cikakken kwafin kowace farameta a bayit huɗu, a kansa ake yin gyaran, sannan a sauke shi zuwa bayit biyu domin lissafi mai sauri.

Biyu da biyu da takwas da huɗu: bayit 16 a kan kowace farameta. Masu binciken Microsoft da suka ƙirƙiro dabarar ZeRO sun yi wannan lissafi a kan wannan samfuri, ya ba su gigabayit 24. Wasu tsare-tsaren suna raba bayit ɗin ta wata hanya, wasu ma sukan kai 18 ko 20, amma 16 mafari ne mai kyau. To ga shi ukun da muka fara da ita ta koma ashirin da huɗu, kuma rabin wannan nauyi tarihin Adam ne kawai.

Abin lura game da wannan gigabayit 24 shi ne ba ya motsi. Ko jimla ɗaya aka ba samfurin ko littafi guda, yana nan daram. Ɗalibarmu tana da sauran gigabayit 16, kuma a cikinsu ne kashi na uku zai nemi wurin zama.

Kashin da ke kumbura

GPT-2 mafi girma yana da hawa 48. Rubutu yana shiga hawa na farko, a sarrafa shi, a miƙa wa na biyu, haka har ƙarshe. Wannan ita ce tafiyar gaba. Bayan an auna kuskure sai a juyo daga hawa na 48 zuwa na farko ana lissafa giradiyan, tafiyar baya ke nan. Matsalar ita ce, ba za a iya lissafa giradiyan na wani hawa ba sai an san abin da ya shiga cikinsa da abin da ya faru a tsakiyarsa lokacin tafiyar gaba. Don haka duk sakamakon tsaka-tsaki sai an adana shi har a dawo kansa. Waɗannan sakamako su ake kira aktibeshan. Suna taruwa hawa bayan hawa, su kai ƙololuwa a daidai lokacin da tafiyar gaba ta ƙare, sannan su riƙa raguwa yayin da ake komawa baya.

Girmansu bai dogara da yawan farameta kai tsaye ba. Ya dogara da tsawon rubutun da aka shigar, da yawan rubutun da ake sarrafawa tare a rukuni ɗaya, da faɗin samfurin. A 2022 Vijay Korthikanti da abokan aikinsa a Nvidia suka ƙirga abin da kowane hawa na irin wannan samfuri ke ajiyewa, suka fitar da ƙa'ida a bayit:

```
s * b * h * (34 + 5 * a * s / h)
```

A nan `s` shi ne tsawon rubutu a gutsattsarin kalmomi da ake kira tokin, `b` yawan rubutu a rukuni, `h` faɗin samfurin, `a` kuma yawan kawunan atenshan, wato sashen da ke sa kowane tokin ya duba sauran tokin da ke tare da shi. A samfurinmu tsawon 1,024 ne, faɗin 1,600, kawunan 25.

Mu fara da rubutu guda. Tsawo sau faɗi ya ba da kusan miliyan 1.64. Abin da ke cikin baka kuma 34 ne a tara da 80, wato 114. Idan aka ninka su, kowane hawa yana cin kusan megabayit 187, hawa 48 kuma kusan gigabayit 9. Ashirin da huɗu da tara sun zama 33, sun shiga cikin 40. Amma da zarar ɗalibar ta ce a sarrafa rubutu biyu tare, lissafi ya koma 42, jan rubutu ya bayyana. Idan rukunin takwas take so, aktibeshan kaɗai gigabayit 72 ne, ninki uku na duk abin da farameta da giradiyan da Adam suka ci a haɗe.

A dubi 80 ɗin nan da kyau, domin ita ce mai haɗari. Ta fito ne daga teburin da atenshan ke ginawa, inda kowane tokin ke da maki a kan kowane tokin. Idan tsawon rubutu ya ninka biyu, teburin ninki huɗu yake yi. Da za a miƙa tsawon zuwa 2,048, rubutu guda zai tashi daga gigabayit 9 zuwa sama da 30. Mai aiki da Hausa yana da dalilin damuwa da wannan fiye da wasu. Tsarin da GPT-2 ke yanka rubutu da shi an gina shi ne galibi a kan Turanci, shi ya sa yake daddatsa kalmomin Hausa gutsi-gutsi, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma kowannensu bayit biyu ne. Labarin da zai zauna lafiya cikin tokin dubu da Turanci yakan zarce haka da Hausa, kuma duk ƙarin tsawon a ma'adana ake biyansa.

A manta, a sake lissafawa

Ka ɗauki malamin lissafi da ke warware doguwar matsala mai matakai da yawa a kan ƙaramin allo. Ba zai iya barin duk aikin a rubuce ba. Sai ya riƙa rubuta amsar kowane mataki a gefe, ya goge sauran. Idan ya zo bin sawun kuskure daga ƙarshe, sai ya ɗauki amsar matakin da ya gabata, ya sake warware mataki ɗaya kacal, ya duba, ya goge, ya koma na bayansa. Ya ƙara wa kansa aiki, amma allon ya ishe shi.

Haka dabarar cekfoyin na aktibeshan take. A tafiyar gaba ba a ajiye komai daga cikin hawa sai abin da ya shiga ƙofarsa. A tafiyar baya, idan aka iso hawa na 48, sai a ɗauko abin da aka ajiye a ƙofarsa, a sake gudanar da hawan, duk sakamakon cikinsa ya dawo na ɗan lokaci, a lissafa giradiyan, a zubar, a sauka hawa na 47. Tunanin ya girmi wannan zamani na manyan samfura, domin Andreas Griewank ya yi aiki a kansa tun shekarun 1990 a fagen lissafi. Tianqi Chen da abokansa ne suka yaɗa shi a wannan fage a 2016, inda suka nuna wani samfuri mai hawa dubu ya sauko daga gigabayit 48 zuwa 7, lokacin aiki kuma ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Mu koma ga ɗalibarmu da rukuninta na takwas. Abin da ke shiga ƙofar hawa bayit biyu ne sau tsawo sau faɗi, kusan megabayit 3.3 a kan kowane rubutu. Sau takwas, sau hawa 48, ya kama gigabayit 1.3. Sai a ƙara hawa ɗaya da ake farfaɗowa gaba ɗayansa a kowane lokaci, gigabayit 1.5. Jimla ba ta kai 3 ba. Daga 72 zuwa ƙasa da 3! Aikin da da farko yake neman gigabayit 96 yanzu 27 yake nema.

Kada dai a tsaya a 27 ɗin. A ƙarshen samfurin akwai makin da yake ba kowane tokin da ya sani, su 50,257, a kowane gurbi na kowane rubutu. A rukunin takwas, kwafi ɗaya na wannan teburi a bayit huɗu ya haura gigabayit 1.6, kuma lissafin kuskure yakan riƙe fiye da kwafi ɗaya. Cekfoyin na hawa-hawa bai shafe shi ba. Ita ma manhajar da ke tuƙa katin tana cin nata rabo tun kafin a ɗora komai, sannan akwai ƙananan gurabe da ke warwatse ba su amfanuwa. Mai hankali zai ware gigabayit biyar ko shida domin waɗannan. Har yanzu dai an shiga 40 da sauran sarari.

Me aka biya? Tafiyar baya tana cin kusan ninki biyu na lissafin tafiyar gaba. Idan gaba awo ɗaya ce, baya biyu ce, zagaye guda uku ke nan. Cekfoyin ya ƙara tafiyar gaba ta biyu, ya zama huɗu. Ƙarin kashi ɗaya bisa uku ke nan: aikin sa'a talatin zai kai wajen arba'in. Sakamakon horon kuwa ba ya canzawa, domin lambobin da aka sake lissafawa su ne waɗanda aka zubar.

Kunna shi ba wuya. A PyTorch ana naɗe hawa ne kamar haka:

```python
from torch.utils.checkpoint import checkpoint
x = checkpoint(layer, x, use_reentrant=False)
```

Mai amfani da ɗakin karatun Transformers na Hugging Face kuma layi ɗaya ya ishe shi:

```python
model.gradient_checkpointing_enable()
```

Wannan sauƙi shi ne ke sa mutane su kunna shi a ko'ina ba tare da tunani ba, kuma nan ne nake da ja. Ba dole ne a naɗe duk hawa 48 ba. Da ɗalibar za ta samu kati mai gigabayit 80, naɗe hawa 20 kawai ya wadatar: sauran 28 za su ci gigabayit 42, a haɗa da 24 da 'yan ƙarin da muka ambata, an shiga, ƙarin lokacin kuma bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Duk gigabayit ɗin da aka bari a banza alhali ana sake lissafi, kuɗi ne aka zubar.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan wayo. Teburin atenshan, wato mai 80 ɗin nan, yana da girma amma sake lissafa shi ba shi da tsada, yayin da sashen 34 ke fitowa daga manyan ninke-ninke masu cin lokaci. Masu binciken Nvidia suka ce to a zubar da teburin kawai, a riƙe sauran. A lissafinsu na GPT-3 wannan ya rage aktibeshan da kashi 70 cikin ɗari, ƙarin aikin kuma bai kai kashi 3 ba. FlashAttention, wanda Tri Dao da abokansa suka fitar a 2022, ya wuce nan: ba ya ma gina cikakken teburin, yanki-yanki yake lissafa shi. Da shi, rubutu guda a samfurinmu zai sauko daga gigabayit 9 zuwa kusan 2.7, rukunin huɗu ya shiga katin 40 ba tare da cekfoyin ba, ko da yake a matse. Shawarata ita ce a fara da wannan, sai idan bai isa ba a koma ga naɗe hawa.

Inda ba ya magani

A ce katin da ɗalibar ta samu RTX 4090 ne, mai gigabayit 24. Ko ta naɗe kowane hawa, ko ta mayar da rukuni ɗaya tal, aikin ba zai tashi ba, domin farameta da giradiyan da tarihin Adam sun riga sun cinye 24 ɗin tas kafin tokin na farko ya shigo. Cekfoyin aktibeshan kaɗai yake taɓawa. Maganin wannan ciwo yana wani wuri: a matse tarihin Adam zuwa bayit ɗaya-ɗaya maimakon huɗu-huɗu, wanda zai sauke gigabayit 9, ko a daskarar da samfurin a horar da 'yan ƙananan farameta da aka liƙa masa, kamar yadda dabarar LoRA ke yi, ta yadda giradiyan da Adam ba za su shafi sauran ba, ko a rarraba nauyin a kan katuna da yawa da ZeRO.

To ta yaya mutum zai gane wane kashi ne ya cika masa wuri? Ya duba lokacin da aikin ya faɗi. Idan a tsakiyar tafiyar gaba ne, ko a farkon ta baya, kuma rage rukuni yana sa ya wuce, aktibeshan ne. Idan kuwa gaba da baya sun wuce lafiya sai ya faɗi a `optimizer.step()`, to Adam ne, saboda PyTorch ba ya ware wa tarihinsa wuri sai a kiran farko. Wannan ma shi ne dalilin da wani aikin ke tsallake zagaye na farko ya faɗi a na biyu: a na farko aktibeshan sun samu fili domin Adam bai iso ba tukuna, a na biyu kuwa sun tarar ya zauna da gigabayit 12 ɗinsa. Gwajin zagaye ɗaya yaudara ne, a bari a yi uku ko huɗu.

Idan kuma aikin ya yi sa'o'i yana tafiya sannan ya faɗi, abu biyu ake fara zargi. Ko dai wani dogon rubutu ne ya faɗo a rukunin, shi ya sa ya kamata a yi gwaji da mafi tsawon rubutu tun farko. Ko kuma ana tara lambar kuskure ta kowane zagaye a wani jeri ba tare da an kira `.item()` ba, sai ta riƙa jan sarƙar lissafinta a baya, ma'adana na cika sannu a hankali. Na biyun ana gane shi da cewa adadin yana hawa zagaye bayan zagaye ba ya sauka.

Shi kansa cekfoyin yana da sharaɗi guda: tafiya ta biyu dole ta maimaita ta farko daidai. Hawan GPT-2 yana da `dropout`, wanda ke kashe wasu lambobi ta hanyar ƙuri'a a lokacin horo. Idan ƙuri'ar ta biyu ta bambanta da ta farko, giradiyan zai fito na wani lissafi dabam, kuma babu jan rubutun da zai sanar da kai. PyTorch yana adana yanayin ƙuri'ar ya maido da shi da kansa, sai dai idan mutum ya kashe `preserve_rng_state` domin neman sauri. Haka nan duk hawan da ke canza wani abu a wajensa, kamar ƙidaya ko matsakaicin da ake sabuntawa, zai yi hakan sau biyu a zagaye ɗaya.

Bayan lissafin takarda sai awo. A bar horo ya yi 'yan zagaye, sannan a tambayi katin ƙololuwar da ya kai:

```python
print(torch.cuda.max_memory_allocated() / 1e9)
```

Wannan ya fi abin da `nvidia-smi` ke nunawa amfani, domin shi wancan yana haɗawa da wurin da PyTorch ya kama ya riƙe bai sa komai a ciki ba. A auna da rukuni ɗaya, a sake aunawa da rukuni biyu. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da rubutu guda ke ci, abin da ya rage bayan an cire shi daga awon farko kuma shi ne nauyin da ba ya motsi. Idan ɗalibarmu ta ga na ƙarshen ya kusa 24, na farkon kuma wajen 9, ko wajen 3 idan FlashAttention na aiki, lissafinta ya tsaya, tana iya zaɓar girman rukuni da yawan hawan da za ta naɗe da ido buɗe. Idan kuwa ta kunna cekfoyin ta ga adadin bai motsa ba, ta duba ko ta manta ta kira `model.train()`, domin a Transformers dabarar ba ta aiki sai samfurin yana yanayin horo.